Ya Ce Zai Zo: Me Ya Sa Turanci Ke Jan Lokaci Baya Idan Ana Ba da Labarin Maganar Wani?

Idan Audu ya ce, “Zan zo,” kai kuma ka je ka isar da saƙon, abin da za ka faɗa shi ne, “Audu ya ce zai zo.” Ko a take ka isar da saƙon, ko bayan mako, ko bayan shekara goma kana ba jikoki labari, jimlar ba ta sauyawa: ya ce zai zo. Abu ɗaya kawai ka taɓa a cikinta, wato ka mayar da “zan” ya koma “zai”, domin yanzu ba Audu ne ke magana ba, kai ne.

Turanci ba ya barin abin a nan. Idan Audu ya ce *I will come*, mai kai saƙon zai ce *Audu said he would come*. Wakilin suna ya sauya kamar yadda ya sauya a Hausa, *I* ya koma *he*. Amma aikatau ma ya motsa, *will* ya koma *would*. Wannan motsi shi ne jan lokaci baya, kuma shi ne ke cin makin ɗalibai a darasin mayar da magana ta kai tsaye zuwa zancen wani. Yakan kuma bi mutum har wurin aiki, ranar da aka naɗa shi sakataren taro aka ce ya rubuta abin da kowa ya faɗa.

A aji, yawanci jadawali ake zanawa a allo: wannan siga a hagu, waccan a dama, a haddace. Jadawalin ba ƙarya ba ne, amma yana ɓoye dalili, kuma wanda bai san dalili ba yakan rikice da zarar an ba shi jimlar da ba ta cikin misalan malam. Dalilin kuwa ɗaya ne. Aikataun Turanci yana auna lokaci ne daga inda mai ba da labari yake tsaye a yanzu. Na Hausa kuwa yana aunawa ne daga lokacin da labarin kansa ya kafa.

Yadda Hausa ke kallon aiki

Dubi wannan: “Jiya da na shiga, yana cin abinci.” Sannan wannan: “Yanzu haka yana cin abinci.” Sannan kuma: “Gobe in ka je da azahar za ka tarar yana cin abinci.” Jiya, yau da gobe, amma “yana” ɗin nan bai ko girgiza ba. Abin da yake faɗa mana shi ne aikin yana cikin gudana. Batun yaushe, wannan aikin “jiya” da “yanzu” da “gobe” ne. Haka ma direba zai ce maka, “Gobe war haka mun isa Kano,” ya yi amfani da “mun isa” alhali ko tashar ba a bari ba. Littattafan makaranta suna kiran “mun isa” shuɗaɗɗen lokaci, amma ainihin abin da yake nunawa shi ne kammaluwar aiki, a duk lokacin da ake magana a kansa. Manyan littattafan nahawun Hausa na zamani, irin na Paul Newman da ya fito a 2000 da na Philip Jaggar na 2001, sun yi bayanin wannan tsari sosai.

To da yake haka Hausa take, “ya ce” kaɗai ya isa ya kafa mana lokacin. Duk abin da ya biyo baya daga nan za a auna shi. “Ya ce yana zuwa” na nufin a lokacin da ya yi maganar yana kan hanya. “Ya ce ya biya” na nufin kafin ya buɗe baki biyan ya kammala. “Ya ce zai biya” na nufin biyan yana gaba da lokacin maganar. Babu bukatar taɓa komai.

Hausa ba ita kaɗai ba ce a wannan. Rashanci da Japananci ma sukan bar aikatau yadda mai maganar farko ya furta shi. Faransanci kuwa yana ɓangaren Turanci, don haka ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ke fama da *je viendrai* yana komawa *il a dit qu'il viendrait*, ciwonsa ɗaya da na ɗalibin Katsina. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne idan yaro ya rubuta *he said he will come* a inda ake son *would*. Tsarin harshensa ya bi, kuma tsari ne cikakke da kansa. Za mu ga ma a gaba cewa jimlar tasa ba kullum ce kuskure ba.

A Turanci, aikatau mai ɗauke da lokaci dole ne ya nuna ko abin na yanzu ne ko na da. Idan ka ce *he is waiting*, mai sauraro zai ji cewa jiran yana nan a daidai wannan lokaci da kake magana. Saboda haka idan mutum ya ce yana jira makonni uku da suka wuce, kai kuma yau kake ba da labari, barin *is* zai ɗora maka da'awar da ba ka yi niyya ba. Sai ka ja shi baya ya zama *was*, ya dace da *said* da ke gabansa. Masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, yana cikin waɗanda suka yi wa wannan al'amari bayani tun a littafinsa na 1924 kan falsafar nahawu.

Magana ɗaya, rana uku

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya yi wa abokin cinikinsa na Maraɗi lodin kaya. Ranar Litinin da safe, yana zaune a shagonsa, ya ce wa yaronsa mai riƙe masa lissafi:

*I have sent the goods. The lorry left yesterday. It will reach Maradi tomorrow. I am waiting for my money here.*

Wato ya aika kayan, motar ta tashi jiya, gobe za ta isa Maraɗi, shi kuma yana nan yana jiran kuɗinsa. Jimloli huɗu, kowacce da sigar aikataunta.

Bayan mako uku sai rigima ta tashi kan kuɗin, aka ce yaron ya rubuta wa shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa bayanin abin da Alhaji ya faɗa a ranar. Yana rubutun ne a ofishin ƙungiya, ba a shagon ba. Ga abin da ya kamata ya fito:

*Alhaji said that he had sent the goods, that the lorry had left the day before, that it would reach Maradi the next day, and that he was waiting for his money there.*

Mu duba abin da ya faru da kowane aikatau. *Am waiting* ya koma *was waiting*, taki ɗaya baya, daga yanzu zuwa da. *Will reach* ya koma *would reach*, wato abin da ke gaba idan aka hango shi daga ranar Litinin ɗin, ko da yake ga mai rubutu ranar ta riga ta wuce. *Have sent* ya koma *had sent*. *Left*, wanda dama na da ne, ya ƙara ja baya ya zama *had left*, domin tashin motar ya riga maganar Alhaji, maganar Alhaji kuma ta riga rubutun yaron. Sigar nan mai *had* ita ce bangon ƙarshe. Da Alhaji tun farko ya ce *I had sent*, haka za ta zauna, babu inda za ta ƙara matsawa.

Sauran sauye-sauyen ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Idan yaron da Hausa yake ba da labarin, ai ba zai ce “gobe” ba bayan mako uku, “washegari” zai ce. Ba zai ce “jiya” ba, zai ce “kwana ɗaya kafin nan”. Ba zai ce “nan” ba tunda ya bar shagon, “can” zai ce. Haka *tomorrow* ya zama *the next day*, *yesterday* ya zama *the day before*, *here* ya zama *there*. Rabin aikin dama muna yin sa kullum ba tare da mun lura ba. Aikatau ne kaɗai sabon abu.

Yanzu mu koma ranar Litinin ɗin da la'asar. Ƙanin Alhaji ya shigo shago ya tambayi yaron me ake ciki. Yaron yana iya cewa:

*He said the lorry left yesterday and will reach Maradi tomorrow.*

Wannan jimla lafiyarta ƙalau. Jiya har yanzu Lahadi ce, gobe har yanzu Talata ce, motar kuma har yanzu ba ta isa ba. *Will* gaskiya yake faɗa daga inda yaron yake tsaye. Idan ya ga dama ya ce *would reach Maradi tomorrow*, nan ma daidai ne. Abin da zai zama shirme shi ne ya bi jadawali ido rufe ya ce *the next day*, domin ƙanin Alhaji zai tsaya yana tambaya, washegarin wace rana?

Ranar Talata da safe kuma, idan wani ya tambaya, amsar ita ce *he said it would reach Maradi today*. Kalmar *tomorrow* ta bakin Alhaji ta zama *today*, abin da babu jadawalin da ya tanada. Daga magana ɗaya mun samu *tomorrow*, *today* da *the next day*, kuma kowanne daidai ne a ranarsa. Kamar kwatancen gida ne: “hannun dama” ya danganta da ta wace ƙofa mutum ya shigo unguwar. Kafin ka taɓa ko kalma ɗaya, tambayoyi uku ne a gabanka. Wa ke ba da labarin, yaushe, kuma daga ina?

Inda aka halatta barin aikatau yadda yake

Na farko mai sauƙi ne. Idan aikataun ba da labarin kansa ba na da ba ne, babu abin da ke jan komai baya. *He says he is tired*, *she has told me she will come*. Shi ya sa idan ana maganar abin da littafi ko doka ta ƙunsa, aka fara da *says*, sauran jimlar ke zama yadda take.

Na biyu shi ne wanda ya fi daɗin tattaunawa, kuma a ganina shi ne aka fi koyarwa a karkace. Littattafan makaranta sukan ce ba a jan lokaci baya idan maganar gaskiya ce ta har abada, su kawo misalin fitowar rana daga gabas. Sai ɗalibi ya ɗauka sai abu ya kai girman rana da wata kafin a bar shi. Alhali sharaɗin ya fi haka sauƙi: shin abin da aka faɗa yana nan daram a lokacin da kake ba da labari?

A ce wani malami ya faɗa wa ajinsa a 1985 cewa *Lagos is the capital of Nigeria*. Gaskiya ya faɗa a lokacin. Amma an mayar da fadar gwamnatin tarayya Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Tsohon ɗalibinsa da ke ba da labari yau ba shi da zaɓi, dole ya ce *our teacher said Lagos was the capital*. Idan ya bar *is*, ya sa kansa cikin maganar da ta daina zama gaskiya. Malamin da ya ce bara *Abuja is the capital* kuwa, ɗalibinsa yana da hanya biyu. Yana iya cewa *she said Abuja is the capital*, yana kuma iya cewa *she said Abuja was the capital*, kuma babu Baturen da zai ji ta biyun ya ɗauka an sake ɗauke babban birni.

Masana harshe suna son misalin juna biyu a nan, domin abu ne mai wa'adi sananne. *She said she is pregnant* ya zauna daidai idan jiya ko makon jiya ta faɗa. Idan shekara biyu ke nan da faɗar, jimlar ta zama abin dariya, sai *was*. Ba nahawu ne ya sauya tsakanin jimlolin biyu ba, wata tara ne suka cika.

Daga nan wata ƙa'ida mai amfani ta fito. Bayan *said*, jan lokaci baya kusan kullum karɓaɓɓe ne, ko abin yana nan ko ya wuce. Barin lokacin yadda yake shi ne mai sharaɗi. Saboda haka ɗalibin da ke zaune a ɗakin jarrabawa, aka ba shi jimla tsurarta ba a faɗa masa yaushe ake ba da labarin ba, ya ja baya kawai, shi ne abin da mai duba takarda ke nema. Wanda kuwa ke rubuta labarin jarida kan alkawarin da aka yi jiya na aikin da za a fara wata mai zuwa, idan ya rubuta *said it will*, bai yi laifi ba, kuma jaridun Turanci cike suke da irin wannan.

Akwai ɗan bambancin ɗanɗano tsakanin hanyoyin biyu. Wanda ya bar *is* ko *will* yana nuna cewa a wurinsa maganar tana da rai har yanzu. Wanda ya ja baya kuwa ya isar da saƙo ne kawai, bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Kada a haɗa wannan da “wai” ɗinmu. Idan ka ce, “Ya ce wai ba shi da lafiya,” sau da yawa ka ɗan janye jikinka daga maganar, mai sauraro ma ya ji alamar shakka. *He said he was ill* ba ta ɗauke da wannan. Idan Bature yana son nuna shakka sai ya sauya aikataun ba da labarin, ya ce *claimed* a maimakon *said*. Wannan ya sa rubuta bayanan taro da lokacin da aka ja baya ya dace: sakatare yana adana abin da aka faɗa a ranar, ba ya tsaya wa kowa shaida.

Tarkon mai fassara

Duk abin da muka faɗa yana da ɗaya fuskar, wadda ta fi shafar mai karatu da mai fassara fiye da ɗalibi. Tunda *was* na bayan *said* sau da yawa ja baya ne kawai, ba ya nufin abin ya wuce. Idan labari ya ce *the minister said he was ready to resign*, abin da ministan ya furta shi ne *I am ready*. Fassarar ita ce, “Ministan ya ce a shirye yake ya yi murabus.” Wanda ya ga *was* ya rubuta, “ya ce a da a shirye yake,” ya juya labarin gaba ɗaya, ya mayar da mai shirin sauka ya zama wanda ya fasa. Haka *he said he lived in Zaria* a mafi yawan lokuta “ya ce a Zariya yake zaune” ne, ba “ya taɓa zama” ba.

*Would* ya fi kowanne haɗari, domin aiki biyu yake yi. A *he said he would pay*, ba komai ba ne illa *will* da aka ja baya: ya ce zai biya. A *he would pay if he had money* kuwa, sharaɗi ne da bai cika ba: da yana da kuɗi da ya biya. Na farko alkawari ne, na biyu uzuri. A takardar bashi ko bayanin shaida, tazarar da ke tsakaninsu ita ce shari'ar gaba ɗaya. Mai fassara daga Turanci zuwa Hausa aikinsa shi ne ya warware jan da aka yi, ya tambayi kansa me mutumin ya furta da bakinsa, sannan ya sa wannan bayan “ya ce”.

Sai dai warwarewar ba kullum take yiwuwa ba, domin jan lokaci baya yana zubar da wani abu a hanya. A bayanin yaron Alhaji, *have sent* da *left* siga biyu ne daban a bakin mai magana, amma duka sun faɗa cikin *had*. Idan aka ba ka *he said he had paid*, ba ka da hanyar sanin ko *I paid* ya ce, ko *I have paid*, ko *I had paid*. Haka *she said she was ill* na iya fitowa daga *I am ill*, ko kuma daga *I was ill* idan mai ba da labarin bai ga bukatar ƙara ja baya ba. A nan ne sigar *had* ke da amfani na gaske: *she said she had been ill* ta fayyace cewa ciwon ya riga maganar. Inda babu ruɗani kuwa, masu harshen sukan bar sigar da yadda take, musamman idan akwai shekara ko rana a jimlar. *He said he was born in 1970* ta fi daɗin ji a kan *had been born*. Idan kalmomin mutum su kansu ne abin jayayya, mafita ita ce a kawo su yadda ya faɗe su cikin alamar zancen wani, a huta.

Ƙananan kalmomin taimako ba su da wahala sosai. *Can* yana komawa *could*, *may* yana komawa *might*. Waɗanda dama suke da sigar da, irin su *could*, *would*, *should*, *might* da *ought to*, suna zama yadda suke. *Must* ne ke bukatar a tsaya a duba ma'ana. Idan tilas yake nufi, *I must leave* yana iya zama *he said he had to leave*. Idan kuwa hasashe ne mai ƙarfi, kamar *he must be tired*, wato lalle ya gaji, ba a mayar da shi *had to*, domin babu wanda ya tilasta wa mutumin gajiya.

Tambaya da umarni

A ce Alhaji ya tambayi direba, *Where is the receipt?* Yaron zai rubuta *he asked where the receipt was*. Bayan *is* ya koma *was*, ya kuma bar gaban suna ya koma bayansa, alamar tambaya ta faɗi, domin jimlar ta daina zama tambaya, ta zama labarin tambaya. Kuskuren da aka fi gani shi ne *he asked where was the receipt*, an ja lokaci baya amma an bar tsarin tambaya. Idan tambayar tana da *do* ko *did*, su ma sukan ɓace: *When did you leave?* ta koma *he asked when I had left*. Idan kuma amsar tambayar i ko a'a ce, sai a shigo da *if* ko *whether*, daidai inda Hausa ke sa “ko”: ya tambaya ko motar ta iso.

Hausa ma tana rushe tsarin tambaya a irin wannan wuri, ta wata hanya dabam. “Ina rasit?” yakan koma “ya tambayi inda rasit yake.” “Me ka saya?” ya koma “ya tambayi abin da na saya.” “Yaya aka yi?” ya koma “ya tambayi yadda aka yi.” Mu kalmar tambayar muke sauyawa, su kuwa suna barin ta su sauya jerin kalmomi. Malamin da ya fara da wannan kafin ya taɓa Turancin zai ga ɗalibai sun kama da wuri, domin sun gane cewa abin da ake nema a wurinsu sun saba yin irinsa.

Umarni ba shi da lokacin da za a ja baya. *Bring the receipt* yana zama *he told me to bring the receipt*, hani kuma *he told me not to go*. A kula da cewa *told* yana bukatar a ambaci wanda aka faɗa wa, *said* kuwa ba ya ɗaukar mutum kai tsaye. *He told me* daidai ne, *he said to me* daidai ne, *he said me* da *he told that* duka karyayyu ne. Ɗaliban Hausa sukan fi son *he said I should bring it*, domin ta yi kama da “ya ce in kawo”. Jimlar ba ta da aibi a nahawu, sai dai ta fi kusa da shawara fiye da umarni, kuma mai duba jarrabawa yawanci sigar *told me to* yake jira.

A wannan gaɓar rubutun Hausa ma yana da nasa rami. “Ya ce ya tafi” a rubuce ma'ana biyu gare ta. Idan aka ja wasalin “ya” na biyu da ɗaga murya, labari ne, mutumin ya riga ya tafi, Turancinsa *he said he had gone*. Idan aka gajarta shi da saukar da murya, umarni ne aka ba wani, *he told him to go*. Kunne yana rarrabewa nan take, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Wanda aka miƙa wa bayanin shaida da aka rubuta da Hausa aka ce ya mayar da shi Turanci, idan ya iso irin wannan jimla, dole ya duba abin da ke gabanta da bayanta, in bai wadatar ba ya koma ya tambayi wanda ya ba da bayanin, domin Turancin ba zai bar shi ya wuce ba sai ya zaɓi ɗaya.